Almakashi Ta Ce Albarka

A ƙofar ofishinta an rubuta shugabar sashen kula da ma'aikata, amma a kamfanin jigilar kayan nan, daga direbobi har masu lodi, Almakashi suke ce mata a bayan idonta. Ta san da sunan. Ta taɓa ganinsa an rubuta da alli a jikin wata tirela, har da zanen almakashin, hannunsa ɗaya ya fi ɗaya girma.

Ba ta shiga aikin don ta yanke wa kowa abinci ba. Horas da sababbin ma'aikata ta fara yi, kuma shi take so. Sai wata shekara kasuwa ta faɗi, aka ce a rage mutane, manyan duk suka noƙe, aka tura ta. Ta yi abin a kan ƙa'ida, kowa ya sami notis ɗinsa da haƙƙinsa, ba wanda ya kai kamfani kotu. Daga nan ta zama gwanar abin da ta tsana. Duk lokacin da aka rufe wani reshe, ita ce a ƙaramin ɗakin taro da kwalin tishu a kan tebur, magidanta suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna kallon bakinta.

Shi ya sa ranar da wani mutum mai laushin murya ya kira ta ya ce shi mai nemo wa kamfanoni manyan ma'aikata ne, kuma an ba shi sunanta, ba ta kashe wayar ba. Ya yi mata bayani: kamfanin da ke neman mutum shi ke biyansa, ita ba za ta ba da ko sisi ba. Ba zai kai sunanta ko'ina ba sai da izininta. Wurin aikinta na yanzu ba za su ji komai ba.

"Abu ɗaya nake roƙo, ranki ya daɗe," in ji shi. "Ki turo mini tarihin aikinki, ki kuma rubuta mini imel: irin aikin da za ki karɓa da wanda ba za ki karɓa ba. Kada ki ɓoye mini komai. Da wannan nake aiki."

Ranar hutun ƙarshen mako ta buɗe kwamfutarta a teburin cin abinci, ta ture tulin takardun rigakafin mijinta gefe. Mijin likitan dabbobi ne, rabin rayuwarsa a gonakin kiwo da kasuwar shanu ya yi ta. Yana zaune a ƙasa yana goge takalman roba da tsohon burushi, yana sauraronta.

"Wato dillali ne," ya ce.

"Ba dillali ba ne, Dakta. Mai ba da shawara ne kan ɗaukar manyan ma'aikata."

"Wa ke biyansa?"

"Mai neman ma'aikacin."

"In albashin ya yi tsoka, nasa kason ya yi tsoka?"

Ta mayar da ido kan kwamfutar.

"Dillali ne, Hajiya. Na san 'yan'uwansa, sai dai su sanda suke riƙewa."

Daga ranar sunan ya bi mutumin. Ita kanta da ta zo ajiye lambarsa a waya, Dillali ta rubuta.

Ta ɗauki imel ɗin da muhimmanci kamar wasiyya. Ta fara da godiya, ta faɗi inda ta yi aiki da abin da ta iya. Sannan ta zo kan abin da take so: wurin da ke girma, inda ake ɗaukar mutane ana koya musu aiki, inda za a bar ta ta gina tsarin horo da na ƙarin girma tun daga tushe. Ta ce tana so ta riƙa ba da rahoto kai tsaye ga shugaban kamfani, don ta gaji da saƙo ta bakin wani. Ta ce girman muƙami bai dame ta ba, kuma za ta iya haƙura da albashin da bai kai na yanzu ba in aikin ya yi. Ta faɗi tsawon notis ɗin da ke cikin kwantiraginta, don kada wani ya ce ta fara gobe.

Da ta zo kan abin da ba ta so, yatsunta suka ƙara sauri.

"Ba zan karɓi aikin da aka ƙirƙiro don rage ma'aikata ba," ta rubuta, "ko da wane suna aka sa masa. Garambawul, sake fasali, daidaita tsari, duk na san su, ni na rubuta wasunsu. Ba zan je kamfanin dangi ba inda rabin ma'aikata 'yan'uwan mai wuri ne, a ce in hukunta wanda zai kai ƙarata gida da yamma. Ba zan yi aiki a ƙarƙashin wanda gado ya ba shi kujera ba tare da ya taɓa riƙe wani sashe ba. Ba zan koma wani gari ba, mahaifiyata tana kusa da ni kuma ni ke kai ta asibiti. Waɗannan ba maganar ciniki ba ce. Ƙarin albashi ba zai canza su ba."

Ta karanta wa Dakta. Ya ajiye burushin.

"Ya yi kyau. Amma ya yi tsawo. Kuma kin sa naman a ƙasan tukunya."

"Mutum ne mai ilimi, zai karanta."

Ta tura. Ba a daɗe ba amsa ta zo, layi biyu: ya gode, ya fahimta sarai, za ta ji daga gare shi.

Ta kuwa ji. Kiransa na farko yana cike da fara'a. Akwai wani babban kamfanin siminti da ya sayi wani ƙarami, suna neman wanda zai haɗe ma'aikatan biyu su zama tsintsiya ɗaya.

"In an haɗe su, masu lissafi nawa za a bari?" ta tambaya. "Sashe biyu ne fa yanzu."

"To, ai dole za a ɗan duba inda aka yi cunkoso."

"Malam, na rubuta maka."

"Kin rubuta, ranki ya daɗe, na gani. Bari in sake dubawa."

Kira na biyu ya same ta tana layin karɓar magani da mahaifiyarta. Banki ne wannan karon, suna rufe rassa suna komawa waya, kuma hedikwatarsu tana wani gari mai nisa. Tun kafin ya gama ta ce a'a, ba za ta bar gari ba. Bayan kwana kaɗan ya sake kira, muryarsa kamar mai albishir: ya yi magana da su, sun ƙara albashin, sun sa gida da mota.

"Wa ya ce ka yi magana da su a kaina?"

"Ban faɗi sunanki ba. Cewa na yi ina da wata, amma tana da tsada."

"Ban ce ina da tsada ba. Cewa na yi ba na so."

"Na gane," ya ce, cikin muryar wanda ya gane wani abu dabam. "Bari in ga ko za su ƙara motsawa."

Ta kashe wayar ta tsaya tana kallonta. Mahaifiyarta, da ke kan benci da katin asibiti a hannu, ta ce wa take yi wa wannan kallon kamar ya ci mata bashi.

A gida Dakta ya yi dariya har da riƙe ciki.

"A kasuwar kara in mai saniya ya ce albarka, ba wanda ke tafiya. Ƙari ake yi. Ke kina ta cewa albarka, shi kuma yana jin ciniki ya fara daɗi."

"Na rubuta masa cewa ba ciniki ba ne."

"Duk mai saniya haka yake cewa."

"Dakta, in ka sake kwatanta ni da saniya, yau a shagon magungunanka za ka ci abinci."

Ya kama bakinsa, amma kafaɗunsa ba su daina rawa ba.

Ta yi niyyar toshe lambar. Abin da ya hana ta shi ne Daraktan kamfaninsu, wanda a makon nan ya leƙo ofishinta ya ce, kamar yana maganar ruwan sama, hukumar daraktoci tana duba yiwuwar miƙa gyaran motoci ga 'yan kwangila. Ta fara tunanin yadda za a yi da makanikai. Ta san makanikan nan ɗaya bayan ɗaya. Babbansu shi ya koya mata canza taya a harabar kamfani, yana yi mata tsiya.

Saboda haka da Dillali ya kira karo na gaba, ta ɗauka.

"Wannan kam naki ne," ya ce. "Masana'antar kwali da ledar naɗe kaya. Sun sayo sababbin injuna, suna faɗaɗawa. A cikin garin nan. Mai wurin da kansa zai gan ki."

"Ba rage mutane?"

"Faɗaɗawa na ce, Hajiya."

"Ba kamfanin dangi ba ne?"

"Kamfani ne mai rajista, da hukumar daraktocinsa."

Daga baya ta lura cewa a cikin amsoshin nan biyu babu a'a ko ɗaya. A lokacin dai ta ba shi izini ya kai sunanta. Ta nemi hutun rabin yini a wurin aiki, ta ce tana da uzuri, ta sa mayafinta mai ruwan toka da take sawa in za ta gaban hukuma.

Masana'antar tana ƙarshen wani titi da manyan motoci suka farfasa. Maigadi ya rubuta lambar motarta a hankali kamar yana zana ta. A ciki warin gam da jiƙaƙƙen kwali ya tare ta. Aka bi da ita ta tsakiyar wurin aiki: a hagu tsofaffin injuna suna ƙara, mutane birjik a kansu, masu turawa da masu ɗaurewa da masu jerawa, yawancinsu da furfura. A dama wani dogon inji sabo fil, ledarsa ma ba a gama ɓarewa ba, mutum biyu kacal a tsaye kusa da shi suna kallon allo. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta gane inda aka dosa tun kafin ta hau bene.

A kan benen ta ƙirga abin da ba ta so ta ƙirga. Mai karɓar baƙi da ma'aji da wani da ya wuce da fayil duk hancinsu iri ɗaya ne, dogo mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Da aka buɗe mata ƙofar ofis, ga asalin hancin a fuskar wani dattijo da ke zaune bayan tebur, da ƙaramin kwafinsa a fuskar wani matashi mai kwat a gefensa.

Dattijon ya tarbe ta da mutunci, ya sa aka kawo shayi. Ya gabatar da matashin: ɗansa ne, ya dawo daga karatu, shi ne mataimakin shugaba, kuma a ƙarƙashinsa za ta yi aiki. Ɗan ya buɗe kwamfuta ya fara magana kan sabon zamani da saurin aiki. Uban ya bar shi ya ɗan yi, sannan ya ɗaga hannu.

"Bari in faɗa mata da Hausa. 'Yata, injin can da kika gani yana yin aikin mutum da yawa. Mutanen nan kuwa da su na fara, tun muna yanka kwali da wuƙa. Wasu 'ya'yan yayyena ne, wasu surukai. Ni ba zan iya kallon idonsu ba. Wannan kuma," ya nuna ɗan da haɓa, "in ya buɗe baki za su ce yaushe aka haife shi. An ce mini ke hannunki ba ya rawa."

Ta ajiye kofin shayin a hankali don kada ta ajiye shi da ƙarfi.

"Alhaji, me aka rubuto muku a kaina?"

Ɗan ya juyo mata da kwamfutar. Shafi ɗaya ne mai tambarin kamfanin Dillali. Ƙwararriya a harkar garambawul. Ta jagoranci rage ma'aikata sau da dama ba tare da shari'a ba. Tana neman sabon ƙalubale a cikin gari. Tana da sassauci kan albashi.

Ta karanta sau biyu. Cikin duk abin da ta zauna ta rubuta, zaman gari da sassaucin albashi ne kawai suka tsira.

"Ranka ya daɗe, ba ku ga imel ɗin da na rubuta masa ba?"

"Wane imel?"

Ba al'ada ba ce, ta sani. Abin da ɗan takara ya rubuta wa mai nema tsakaninsu ne. Amma nata ne, ita ta rubuta, kuma ranta ya riga ya ɓaci. Ta nemo shi a waya, ta ƙara girman rubutun, ta miƙa wa dattijon da hannu biyu.

Ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya karanta da yatsa, leɓunansa suna motsi, yana turawa sama kaɗan-kaɗan. Ɗan ya yi gyaran murya, uban bai ɗago ba. Ƙarar injuna tana shigowa ta taga. Da ya kai wajen kamfanin dangi ya tsaya ya dube ta ta saman tabarau, ya koma. Da ya kai wajen kujerar gado ya dubi ɗansa, ya koma. Ya karanta har sallamar ƙarshe.

"Ikon Allah," ya ce. "Kamar kin zo kin leƙa mu kafin ki rubuta. Ƙaura kawai muka rasa."

Ɗan ya miƙa hannu zai karɓi wayar. Uban ya mayar mata da ita.

"Ba naka ba ne. Kuma ba zai yi maka daɗi ba."

"Ku yi haƙuri, Alhaji," ta ce. "Ban san nan zan zo ba lokacin da na rubuta."

"Haƙurin me? Ni ya kamata a ba haƙuri, amma ba ke ba. Na ba mutumin nan kafin alƙalami, na zaunar da shi a kujerar nan na faɗa masa ciwona. Ke ma kin faɗa masa naki. Ya ɗauko mu ya haɗa kamar bai ji ko ɗaya ba." Ya cire tabarau ya murza idonsa. "To yanzu in na ninka abin da aka ce miki?"

"Yana cikin imel ɗin, ranka ya daɗe. Layin ƙarshe."

Ya yi murmushi mai ɗaci. "Na gani. Gwadawa na yi."

Ya rako ta har bakin bene da kansa. A nan ya tambaye ta, ƙasa-ƙasa, ko akwai hanyar yin abin nan ba tare da an zama abin zagi ba. Ta ce babu hanyar da ba ta da zafi. Amma ya nemi lauyan ƙwadago tun yanzu, ya biya kowa haƙƙinsa cif, ya ga wa za a iya koya wa sabon injin, kuma ranar faɗa ya kasance a ɗakin, kada ya aiko baƙo. Ya gyaɗa kai ba tare da ya yi alkawari ba.

Ba ta fita daga titin ba wayar ta yi ƙara. Ta gangara gefe, kusa da wani mai facin taya, ta ɗauka.

"Hajiya, me kika yi mini?" Laushin muryar ya tafi. "Kin nuna wa mai kamfani wasiƙar da ke tsakanina da ke? Yanzu ya kira ni yana cewa in dawo masa da kuɗinsa."

"Ka karanta ta?"

"Na karanta mana."

"Faɗa mini abu ɗaya da na ce ba na so."

Ta ji ƙarar maɓallan kwamfuta.

"Kada ka buɗe. Da ka."

"Kin ce ba kya son barin gari."

"Wannan a waya na maimaita maka, ina tsaye a asibiti. Saura?"

Ya ja numfashi. Da ya sake magana, muryar wani gajiyayyen mutum ce da ba ta taɓa ji ba.

"A mota na buɗe shi, a waya. Na karanta sama, na ga abin da kike so, na ce zan koma. Tarihin aikinki na ba abokiyar aikina ta taƙaita. Kuma bari in faɗa miki gaskiya, ko da na karanta, da na kira ki. Kin san mutum nawa ke rubuto mini ba zan yi kaza ba, ba zan yi kaza ba, in an faɗi albashi su ce yaushe za a fara? Kusan duka. Sannan duk wanda ya ba ni sunanki, a kan abu ɗaya ya ba ni. Kasuwa ta san ki da abu, ni kuma abin da kamfanoni suka nema nake kaiwa. Ba ke kike biyana ba."

"Na sani. Su suke biyanka. To da na karɓa, na yi wata biyu na ajiye, wa zai sake nemo musu wani kyauta? Ba haka yarjejeniyarku take ba?"

"Haka take."

"To ba don ni za ka karanta ba, don kanka."

Mai facin taya ya zo yana nuna mata tayar baya da alamar tambaya. Ta girgiza masa kai.

"Imel ɗinki ya yi tsawo," in ji Dillali, kamar yaron da ke neman abin da zai riƙe. "Kuma kin sa muhimmin a ƙasa."

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne a nan yana da gaskiya, kuma ta san wa zai ji daɗin jin haka a gida.

Da ta koma ofis ta rufe ƙofa, ta ɗauko wayarta, don ba ta taɓa yin wannan harka da kwamfutar kamfani ba. Ta rubuta sabo. Ba godiya, ba tarihi. A kan saƙon ta sa: Karanta kafin ka kira. Layin farko, ba rage ma'aikata. Na biyu, ba kamfanin dangi. Na uku, ba ƙaura. Sannan abin da take so, jimla biyu. Ta rufe da cewa kafin ya kai sunanta ko'ina, ya turo mata bayanin aikin a rubuce, da dalilin da ya sa kujerar ta zama babu kowa, da kuma taƙaitawar da zai aika a kanta, ta gani tukuna.

Ya amsa da kalma ɗaya: Na karanta. A ƙasa ya ƙara: Irin wannan aikin ba ya zuwa kullum. Za ki jira.

Ta jira. Wayar da a da ba ta barin ta ta sha ruwa ta yi tsit. Makonni suka zama watanni. Maganar makanikai ta tashi daga raɗe-raɗi ta zama takarda, takarda ta zama taro. Ta yi faɗa a taron har Darakta ya tambaye ta ko lafiya. Ta samu aka sa wa ɗan kwangilar sharaɗin ɗaukar mafi yawansu, aka mayar da wasu sashen duba motoci kafin tafiya. Sauran kuwa ita ce dai ta zauna da su a ƙaramin ɗakin taro. Babban makanike yana cikinsu. Bai yi mata tsiya ba ranar, ya sa hannu ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ita kuma ta kasa cin abinci har washegari.

A wannan makon ta kusa rubuta wa Dillali cewa ya kawo ko mene ne. Ta buɗe saƙon ma. Dakta, da ke tsaye yana wanke hannu a bakin famfo, ya ce mata ko mene ne ɗin ai shi take ciki yanzu, me za ta je nema. Ta rufe.

Kiran ya zo wata ranar aiki da hantsi. Kafin kiran, imel ya riga shi, da takardu biyu a maƙale, kamar yadda ta nema. Wasu likitoci ne da suka haɗa hannu suka buɗe ɗakunan gwajin jini da hoto, suna shirin ƙara rassa a unguwannin gari. Ba su taɓa samun shugaban ma'aikata ba, ma'ajinsu ne ke haɗawa da nasa aikin har ya gaji. Suna buƙatar wanda zai ɗauko masu gwaji da masu karɓar baƙi ya horas da su, ya rubuta musu ƙa'idojin aiki.

"Muƙamin bai kai naki ba," in ji Dillali. "Albashin ma haka. Ba mota. Ni kaina abin da zan samu a ciki bai taka kara ya karya ba. Na faɗa miki ne don kada ki ce na ɓoye."

"Likitocin 'yan'uwan juna ne?"

"Na tambaya. A makaranta suka haɗu. Har hancinsu na duba."

Ta yi dariya ba da niyya ba, don ita ta ba shi labarin hancin a cikin faɗa.

Ta gyara kalma biyu a taƙaitawar da ya rubuta, ta ba shi izini. Ta gana da likitocin sau biyu, ta nemi ganin ma'ajin shi kaɗai ta tambaye shi ko kuɗin buɗe rassan yana hannu ko ana sa rai ne. Ta nemi a rubuta ayyukanta a cikin takardar ɗauka. Sai da takardar ta zo da sa hannu sannan ta ba Dillali izinin tuntuɓar waɗanda za su ba da shaida a kanta, ta kuma kai wa Darakta notis.

Darakta ya karanta ya jingina da kujera. Ya ce ai da ta faɗa masa tana da damuwa. Ya ce za a ƙara mata girma, a ba ta dukan yankin, akwai babban garambawul da ke tafe kuma ba wanda zai iya riƙe shi sai ita. Nawa suka ba ta a can? Ko nawa ne zai ɗora.

Ta dube shi, ta ji gajiya ta sauko mata tun daga wuya.

"Ranka ya daɗe, ƙasa da nan suka ba ni."

Ya yi dariya, ya ce ta je ta yi tunani, ya san za su daidaita. Har ta cika notis ɗinta bai daina aiko mata da sabon tayi ba, kowanne ya fi na baya.

Sabon ofishinta ɗaki ne da aka raba da katako, rabi nata, rabi na kwalayen safar hannu da sirinji. Fankar tana ƙara, firinta tana cin takarda. A makon farko ta tarar ba wanda ke da takardar ɗauka iri ɗaya da ta wani, kuma likitocin uku kowanne ya yi wa wani alkawarin aiki ba tare da ya gaya wa sauran ba. Ta koma gida da ciwon kai tana ta mita, tun daga ƙofa har kicin. Dakta ya saurare ta har ta gama, ya tambaye ta ko ya kira mata Dillali.

Ta ce ya matsa mata daga hanya, da safe tana da sababbin masu karɓar baƙi da za ta koya wa yadda ake yi wa mara lafiya magana, kuma ba ta gama shirya darasin ba.